Tambaya ɗaya, kwana ɗaya: yadda bambancin lokaci ke cinye mako guda a bitar kod

Duk manhajar da ke cikin wayarka, kafin a taɓa ko da layi ɗaya na kod ɗinta ya iso gare ka, yawanci sai wani mutum na biyu ya karanta gyaran ya amince. Wanda ya rubuta gyaran yakan tura shi a GitHub ko GitLab a matsayin buƙata, abin da GitHub ke kira `pull request`. Abokin aikinsa ya buɗe, ya duba, ya yi tambaya ko ya nemi a canza wani abu, in ya gamsu ya danna `Approve`, sannan a haɗe gyaran da babban reshen kod ɗin. Wannan shi ne bitar kod. Idan su biyun suna ofis ɗaya, abu ne na awa ɗaya ko biyu. Idan kuwa ɗaya yana Kano ɗaya yana San Francisco, gyaran layi goma yana iya kwashe mako guda cur, alhali babu wanda ya yi lalaci a cikinsu.

Matasanmu da yawa yanzu suna neman aikin haɗa manhaja daga gida wa kamfanonin waje, kuma wannan jinkirin na cikin abubuwan farko da ke ba su mamaki. Shawarar da aka fi ba su ita ce su riƙa kwana da waya a hannu, su amsa saƙo ko ƙarfe nawa ne. A ganina wannan shawara ba ta gano inda ciwon yake ba. Abin da ke cinye lokaci shi ne yawan kai da komowa tsakanin mai rubutawa da mai dubawa. In an rage wannan, bambancin lokaci ba ya cutarwa sosai, wani lokacin ma amfani yake yi.

Bari mu yi lissafin da misali

Najeriya da Nijar suna kan UTC+1 duk shekara, ba ma canza agogo. San Francisco tana kan UTC-8 a lokacin sanyinsu, wato muna gabansu da awa 9. Idan kowa yana aiki daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 5:00 na yamma a garinsa, to lokacin da ɗan Kano ke rufe kwamfuta ƙarfe 8:00 na safe ne a can, mutumin bai ma zauna a kujerarsa ba. Ba su da ko minti ɗaya da suke aiki tare.

A ce akwai manhajar da ke neman lambar waya yayin rajista. Mutane suna rubuta lambarsu da sifili a farko kamar yadda muka saba, ita kuwa hanyar tura saƙon tabbatarwa tana son lambar ta fara da +234. Ɗan Kano ya rubuta gyara mai sauƙi:

```js
const x = lamba.replace(/^0/, "+234");
```

Ma'anarsa, in lambar ta fara da sifili, a cire shi a sa +234. Ya tura buƙatar ranar Litinin ƙarfe 3:00 na yamma, ya rubuta bayani na kalma uku kawai, cewa gyaran lambar waya ne.

Mai dubawa ya shiga aiki ƙarfe 6:00 na yamma agogon Kano, ya gama tarukan safiyarsa, ya buɗe buƙatar ƙarfe 8:00 na dare agogonmu. Ya yi tambaya mai ma'ana: me zai faru da mai amfani da ke Nijar, wanda lambarsa ke ƙarƙashin +227? Daga nan ya tsaya, yana jiran amsa kafin ya ci gaba da dubawa. Ɗan Kano ya ga tambayar Talata da safe. Amsar ba ta ɗauke shi minti biyar ba: wannan shafin rajistar na masu zaɓar Najeriya ne kaɗai, sauran ƙasashe suna da tasu hanyar. Amma a lokacin tsakar dare ne a San Francisco, don haka amsar ta zauna har yamma.

Talata da dare mai dubawa ya karanta amsar ya gamsu, sai yanzu ya duba kod ɗin da kyau. Ya lura cewa in mutum ya bar sarari kafin sifilin, gyaran ba zai kama ba, kuma ba a rubuta gwaji ba. Ya danna `Request changes`. Laraba da safe aka gyara cikin minti arba'in. Laraba da dare ya ce komai ya yi, sai dai sunan `x` ba ya nuna ma'ana, a canza. Alhamis da safe aka canza, aikin minti ɗaya. Alhamis da dare ya amince.

Kai mai karatu za ka ce an gama. Juma'a da safe ɗan Kano ya zo haɗewa, ya tarar cewa a cikin kwana huɗun nan wani ya taɓa fayil ɗin, kod ɗin biyu sun yi karo. Ya warware karon ya sake turawa. To kamfanin ya kunna wani tsari na GitHub mai suna `Dismiss stale pull request approvals when new commits are pushed`, wanda ke soke amincewar da aka riga aka bayar da zarar kod ya canza. Amincewar jiya ta tashi. Mai dubawa ya sake amincewa Juma'a da dare, lokacin da an riga an tashi aiki a Kano. Sai Litinin ƙarfe 9:00 na safe aka haɗe.

Daga Litinin ƙarfe 3:00 na yamma zuwa wata Litinin ƙarfe 9:00 na safe awa 162 ne. In ka tara ainihin aikin da su biyun suka yi a ciki, da ƙyar ya kai awa uku. Kuma ka lura, mai dubawan nan bai taɓa barin buƙatar ta kwana a gabansa ba, kullum a ranar da ya gan ta yake amsawa. In aka auna shi da saurin amsa, yabo ya kamata a yi masa. Abin da ya faru shi ne an yi zagaye biyar, kowane zagaye kuma farashinsa kwana ɗaya ne, sannan Asabar da Lahadi suka faɗo a tsakiya.

Zagayen farko kyauta ne

Akwai wani abu a cikin wannan lissafin da ba a cika faɗa ba. Zagayen farko kusan bai ci komai ba. Ɗan Kano ya tura da yamma, ya tafi gida, ya yi barci, ya tashi ya tarar an duba. Da a ce amsar farkon nan amincewa ce, da bambancin lokacin ya yi masa aiki ne yana barci. Zagaye na biyu da na uku su ne ke cizo, domin tambayar da a ofis ɗaya za a juyo da kujera a amsa cikin daƙiƙa talatin, a nan ta zama wasiƙar da ke kwana a hanya.

Shi ya sa yawan awannin da ke tsakanin garuruwa biyu ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne awa nawa mutanen biyu ke kan aiki a lokaci guda. Ɗauki Bengaluru ta Indiya, wadda ke kan UTC+5:30, wato tana gabanmu da awa huɗu da rabi. Ƙarfe 9:00 na safe a Kano ƙarfe 1:30 na rana ne a can, kuma suna tashi ƙarfe 12:30 agogonmu. Awa uku da rabi ke nan na haɗuwa, wanda ya isa a yi zagaye biyu ko uku a safiya ɗaya in kowa ya kula. Da Landan ko Berlin kuwa bambancin bai wuce awa ɗaya ba a kowane lokaci na shekara. Saboda haka jinkirin ba ya hawa a hankali kamar tudu. Yana nan kaɗan-kaɗan muddin akwai lokacin haɗuwa, ranar da haɗuwar ta koma sifili sai ya yi tsalle ya koma kwana guda a kowace tambaya.

Abin ya fi muni in aka ƙara gari na uku. A ce gyaran yana buƙatar amincewar mutum biyu, ɗaya a Bengaluru ɗaya a San Francisco, waɗanda awa 13 da rabi ke tsakaninsu a lokacin sanyi. In ra'ayinsu ya zo ɗaya, lafiya lau. In suka saɓa, wannan ya ce a yi kaza wancan ya ce a'a, to muhawarar tasu ma kwana ɗaya take ci a kowace magana, ɗan Kano kuma yana tsakiya bai san wa zai bi ba. In ya bi na Indiya da safe ya tura canji, amincewar ɗan Amurka ta jiya ta soke. In kuma akwai abokin aiki a Riyadh ko Alƙahira, inda hutun mako yake Juma'a da Asabar, ranakun da kowa ke aiki sun koma huɗu kawai.

Sannan jinkirin yana haifar da 'ya'yansa. Mutumin da ke tura buƙata ɗaya kullum, kowace tana ɗaukar kwana biyar na aiki, a kowane lokaci yana da biyar a buɗe, kuma duk safiya sai ya sake tuno abin da ya yi a kowace. Daga nan sai ya fara tunani irin na direban tasha: tunda kowace tafiya kwana take ci, bari in jira mota ta cika. Sai ya tara aikin mako guda ya tura layi dubu a buƙata ɗaya. Mai dubawa ya buɗe ya ga girmanta ya ce sai ya samu sarari, ranar ta wuce. In ya duba kuma, kurakuran da ke cikin layi dubu sun fi na layi hamsin, zagaye ya ƙaru, fayilolin da za su yi karo da na wasu ma sun ƙaru. Binciken da aka wallafa a 2018 kan yadda ake bitar kod a Google ya nuna cewa matsakaicin gyara a can layi 24 ne kawai, kuma matsakaicin lokacin kammala bita bai kai awa huɗu ba. Ba na ganin waɗannan lambobin biyu sun haɗu ne bisa sa'a.

Abin da ke hannun mai rubutawa

Mu koma kan misalin. Zagayen farko ya tafi ne a kan tambayar da mai rubutawa ya riga ya san amsarta. Da ya rubuta ta a cikin bayanin buƙatar, da kwana ɗaya ya tsira. Ni dai a wurina, ga wanda mai dubawarsa ke barci lokacin da yake aiki, bayanin buƙata ya kai kod ɗin muhimmanci. Kafin ka tura, ka zauna a kujerar wancan mutumin na minti goma. Me ya lalace, ta yaya aka gane, me ya sa ka zaɓi wannan hanyar ka bar waccan, me ka gwada da hannunka, me ka bari da gangan. A misalinmu jimla biyu sun isa: wannan shafin na lambobin Najeriya ne kaɗai, na sauran ƙasashe suna bi ta wata hanya kuma ban taɓa ta ba. In gyaran ya shafi abin da ake gani a allo, ka sa hoton kafin da na bayan gyara, domin mai dubawa ba zai iya kiranka ya ce nuna mini ba.

Haka kuma in aka yi maka tambaya, kada ka mayar da amsa kaɗai ka zauna jira. In mai dubawa ya ce ko ya fi kyau a yi kaza, kuma kai ma ka ga ba laifi, ka yi shi nan take ka tura tare da amsar. In akwai hanya biyu, ka zaɓi ɗaya ka aiwatar, ka ce ga dalilina, in ka fi son ɗayar ga abin da zai canza. Manufar ita ce duk lokacin da ya farka ya tarar da abin da zai iya amincewa da shi, kada ya tarar da wata tambayar.

Zagaye na biyu kuma, na rashin gwaji, bai kamata ya jira ɗan Adam ba. Kayan aiki irin su Prettier da ESLint, da gwaje-gwajen da ke tashi da kansu duk lokacin da aka tura kod, suna ba da amsa cikin mintuna ko ƙarfe nawa ne. Duk abin da na'ura za ta iya kamawa, asara ce a bar shi ga mutumin da amsarsa ke cin awa 24. Ka buɗe buƙatar a matsayin `Draft`, ka bari gwaje-gwajen su gama su yi kore, sannan ka danna `Ready for review`. Kafin nan ka duba girmanta:

```
git diff --stat main...HEAD
```

Jagorar bitar kod da Google ta fitar ga jama'a tana ganin layi 100 a matsayin girma mai kyau, layi 1000 kuma ya yi yawa. In naka ya doshi na biyun, ka raba shi tun kafin wani ya gani.

Abin da ke hannun mai dubawa

Nan ne nake ganin mafi yawan kwanakin suke ɓacewa, kuma nan ne aka fi jin nauyin faɗa, domin mai dubawa yawanci shi ne babba. A misalinmu ya yi abu biyu da a ofis ɗaya ba laifi ba ne, amma a nesa suna da tsada. Na farko, ya tsaya a tambayar farko bai duba sauran ba. Da ya ce a ransa, bari in ɗauka amsar ita ce kaza, ya ci gaba ya duba har ƙarshe, da maganar sarari, da ta gwaji, da ta suna duk sun zo a dare ɗaya. GitHub yana da `Start a review` domin wannan: ka tara duk maganganunka ka tura su gaba ɗaya. Sai dai a kula, maganganun da ke ɗauke da alamar `Pending` kai kaɗai ke ganinsu har sai ka danna `Submit review`. Mantuwa da wannan maɓallin kaɗai kan ci kwana guda, kowa yana zaton ɗayan yake jira.

Na biyu, ya riƙe amincewarsa saboda sunan `x`. Sunan ba shi da kyau, gaskiya ne, amma ba zai fasa komai ba. Jagorar Google ɗin nan ta ba da shawarar a amince tare da barin ƙananan gyare-gyare ga mai rubutawa in an yarda zai yi su, kuma ta ambaci bambancin lokaci musamman a matsayin dalili, don kada mutum ya jira yini guda saboda kalmar amincewa kawai. Al'adar sa `Nit:` a gaban magana tana nuna cewa ƙaramin abu ne, ba sharaɗi ba ne. Abin da ya fi haka ma shi ne mai dubawa ya rubuta gyaran da kansa a cikin sharhinsa:

````
```suggestion
const cikakkiyarLamba = lamba.trim().replace(/^0/, "+234");
```
````

Mai rubutawa zai ga maɓallin `Commit suggestion`, ya danna, an gama. Babu zancen ban gane abin da kake nufi ba, wanda shi ma zagaye ne mai cin kwana.

Amma akwai tarko a nan. In kamfani ya kunna tsarin soke tsohuwar amincewa, to amincewa da sharaɗin ƙaramin gyara ba ta da amfani, domin gyaran da kansa zai soke ta. Dole tawaga ta zaɓa da idonta a buɗe. Wannan tsarin yana hana mutum ya samu amincewa sannan ya cusa wani abu daban a ɓoye, kuma a kod ɗin da ke taɓa kuɗin mutane ko kalmar sirrinsu ba zan ce a kashe shi ba. A irin wannan wuri kwana biyu na jira ya fi kuskure ɗaya sauƙi, sauri kan haifi nawa. Abin da za a yi shi ne a bar shi a kunne amma a tabbatar akwai wani na kusa da zai iya sake amincewa a ranar.

Mutum na biyu a kusa

Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne ƙarfi, kuma ba ya hannun ƙaramin ma'aikaci. A GitHub akwai fayil mai suna `CODEOWNERS` da ke faɗin wanda dole ya amince kafin a taɓa wane sashe. In suna ɗaya ne a gaban sashen, kuma mai sunan yana California, to duk wanda ke Afirka da Indiya ya zama ɗan jiran dare. In aka jera suna fiye da ɗaya a layi guda, amincewar ɗaya daga ciki ta wadatar:

```
/src/rajista/  @kamfani/masu-duba-amurka  @kamfani/masu-duba-turai-afirka
```

Mu a nan wurin zamanmu ya yi mana rana. Agogonmu ya yi daidai da na Turai, safiyarmu tana haɗuwa da yammacin Indiya, yammacinmu kuma yana haɗuwa da safiyar New York, wadda muke gaba da ita da awa 6 a lokacin sanyi, 5 a lokacin zafi. Mai dubawa ɗaya a Legas, Accra ko Berlin yana iya buɗe wa mutane da yawa hanya.

Masu adawa da wannan za su ce mutumin California shi ya gina sashen, shi ya san inda ramukan suke, wani ba zai gani ba. Gaskiyarsu, a watannin farko. Amma in aka bar shi haka, shekara biyu nan gaba ma shi kaɗai zai sani, kuma ranar da ya tafi hutu komai ya tsaya. Hanyar da nake ganin ta fi ita ce a raba aikin biyu. Babbar shawara, wato wace hanya za a bi, a tura masa ita a rubuce a shafi ɗaya kafin a fara kod, ya amsa cikin dare ɗaya. Duba layi-layi kuma a bar wa na kusa. Mafi tsadar zagaye shi ne wanda ake cewa a rushe a sake bayan an yi aikin kwana uku, kuma shafin nan ɗaya shi ke hana shi.

Da an yi haka a misalinmu, ga yadda za ta kaya. An tura Litinin ƙarfe 3:00 da cikakken bayani da gwaji, an kunna `Enable auto-merge`, wanda ke haɗe kod da kansa da zarar duk sharuɗɗa sun cika. In na Berlin ya duba, an gama kafin a tashi aiki. In na San Francisco ne, ya amince ƙarfe 8:00 na dare, kod ya shige babu wanda ya farka dominsa. Awa biyar maimakon 162, kuma fayil ɗin bai daɗe a waje ba balle ya yi karo da na wani.

To batun kwana da waya fa?

Manhajar GitHub ta waya tana ba ka damar karanta sharhi, ka amsa, har ka amince. In tambaya ce ta eh ko a'a ta shigo ƙarfe 7:00 na yamma kana zaune, amsa ta, ka ceci kwana guda da minti ɗaya. Ba na ƙin wannan. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi tsarin aiki. Kod mai layi ɗari uku ba ya dubuwa a allon waya da idon barci, amincewar da aka bayar a haka suna ce kawai. Kuma ka duba wa ake sa ran zai hana idonsa barci. Kusan kullum ɗan kwangilar da ke Kano ko Bengaluru ne, ba wanda ke hedikwata ba. Yakan yi shiru ya jure saboda yana tsoron a ce ba ya ƙoƙari, jinkirin ya ɓoye na wata uku, sannan ya dawo ranar da jikinsa ya ƙi.

In dole sai an haɗu, awa ɗaya da aka tsara ta fi dare goma na jiran tsammani. Ɗan Kano ya fara aiki ƙarfe 10:30 ya tashi 6:30, na San Francisco ya fara 8:30 na safiyarsa, wato 5:30 agogonmu, sun samu awa guda, kowa ya matsa kaɗan. Sharaɗin shi ne na can ya fara ranarsa da duba buƙatun mutanen da ke shirin tashi, ya bar imel da taro sai daga baya. A cikin awar nan za a kashe duk maganar da ta yi zagaye biyu a rubuce ba a daidaita ba: a kira juna minti goma, sannan a rubuta abin da aka yanke a ƙarƙashin buƙatar saboda na Indiya da zai farka bai ji ba.

Ta yaya za ka san wane ciwo ne ke damun tawagarku? Ɗauki buƙatu ashirin na ƙarshe da aka haɗe, ka duba kowace:

```
gh pr view 123 --json createdAt,reviews,mergedAt
```

Zai nuna maka lokacin buɗewa, lokacin kowace bita, da lokacin haɗewa. In tazarar da ke tsakanin buɗewa da bitar farko ta fi kwana ɗaya na aiki, matsalar layi ce, masu dubawa sun yi kaɗan ko buƙatun sun yi girma. In bitar farko tana zuwa da wuri amma kana ganin bita huɗu ko biyar, kowace da tazarar kusan awa 24, to zagaye ne ke cin ku, kuma matsa wa mutane su ƙara sauri ba zai rage ko awa ɗaya ba. In kuma tazarar tana tsakanin amincewar ƙarshe da haɗewa ne, `auto-merge` kaɗai zai magance ta.

Abu ɗaya kuma ga wanda ya tsara awar haɗuwa da Amurka. Suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, su mayar da shi ranar Lahadi ta farko a Nuwamba. Tsakanin nan tazararmu da San Francisco awa 8 ce, don haka 8:30 na safiyarsu ya koma 4:30 na yamma a Kano, ɗan Kano yana iya tashi ƙarfe 5:30 maimakon 6:30. Turai kuma tana canza nata ne a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, saboda haka akwai 'yan makonni a shekara da lissafin kowa ke rikicewa. Kafin ka ce wa mutum mu haɗu ƙarfe kaza, tambayi kwamfutarka:

```
TZ=America/Los_Angeles date
```